Shekara uku ina biyan bashin gida, amma kamar ban taɓa shi ba

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar gwamnati ce a Abuja. Na haɗa ɗan abin da na tara da rancen naira miliyan 10 daga wani bankin lamunin gidaje na sayi gida mai ɗaki biyu a Kuje. Ruwan kashi 6 cikin ɗari ne a shekara, za a biya cikin shekara 20, ana cire mini ₦71,643 duk wata. Yanzu wata 36 ke nan ba fashi, na biya kusan miliyan 2 da dubu 580. Da na karɓo takardar lissafi sai na ga har yanzu ana bina miliyan 9 da dubu 148. Mai gidana ya ce cutata ake yi, in je in ɗaga musu murya. Ina sauran kuɗina suka tafi? Kuma ina sa ran kwasar adashin ₦500,000 a watan gobe, in zuba a bashin ko in bari?

'Yar'uwarku daga Kuje

Wa'alaikumus salam, Malama. Ki ba Alhaji haƙuri, ya ajiye faɗan tukuna. Mun buga lissafin da alƙaluman da kika aiko, ragowar da muka samu bayan wata 36 ita ce ₦9,148,644, wato ta zo daidai da ta takardarki. Ba a ci miki ko kwabo ba a wannan fannin. Abin da ya faru shi ne ba wanda ya zaunar da ke ranar sa hannu ya nuna miki yadda ake raba kuɗin da ake cirewa, kuma wannan sakaci ne da ya yi yawa a harkar lamuni.

Kowane wata kuɗinki gida biyu yake shiga. Kashi na farko ruwa ne, na biyu shi ne yake rage uwar kuɗi. Kuma ruwan ake fara cirewa, abin da ya saura ne kawai yake taɓa bashin. Ki ɗauki ruwan nan kamar kuɗin haya. Wanda ya kama ɗaki goma zai biya hayar goma, in ya mayar da ɗaya sai ya koma biyan ta tara. Ke ma hayar kuɗin da ke hannunki kike biya, kuma a watan farko duk miliyan goman suna hannunki, saboda haka a lokacin ne hayar ta fi kowane lokaci nauyi.

Ɗauko kalkuletar wayarki mu bi shi tare. Kashi 6 a shekara in aka raba shi gida 12 ya zama rabin kashi ɗaya a wata, wato 0.005. A watan farko, 10,000,000 sau 0.005 ya ba da ₦50,000. Wannan shi ne ruwan watan. Ki cire shi daga ₦71,643, saura ₦21,643, kuma wannan ne kaɗai ya shiga uwar kuɗi. Bashi ya koma ₦9,978,357. A wata na biyu da wannan sabuwar ragowar za a yi lissafi, ba da miliyan goma ba: ruwa ya zama ₦49,892, abin da ya shiga uwar kuɗi ₦21,751. Kin ga bambancin naira 108 ne kacal. Ruwa ya sauka da 108, rabon uwar kuɗi ya hau da 108, abin da ake cirewa a albashinki kuwa bai canja ba. A wata na uku ruwa ₦49,783, uwar kuɗi ₦21,860. Haka abin yake tafiya har wata na 240, babu wata dabara a ɓoye da ta wuce wannan.

In kika tara na wata 36 ɗin, za ki ga ₦851,356 ne suka rage bashin, ₦1,727,796 kuma suka tafi a ruwa. Wato cikin kowace naira uku da kika biya zuwa yanzu, biyu haya ce. Nan kuɗin suka tafi.

To me ya sa ba a raba ruwan daidai a kan duk watannin ba? Saboda abin da aka daidaita shi ne jimillar da ake cirewa, don mai albashi ya san abin da zai fita kowane wata. Banki ya nemo adadi guda wanda in an biya shi sau 240 zai biya hayar kowane wata kuma ya kashe bashin cif a watan ƙarshe, adadin nan shi ne ₦71,643. Tunda jimillar a tsaye take, ruwan kuma yana bin ragowa, dole rabon ya riƙa gusawa: ruwa babba a farko, ƙarami a ƙarshe. Akwai wani tsarin da ake raba uwar kuɗin daidai, ₦41,667 duk wata, a ɗora ruwan watan a kai. A wannan tsarin bashi yana sauka da sauri, amma biyan farko zai kama ₦91,667, kuma albashin da yawa daga cikin masu neman rancen ba zai ɗauka ba.

Yanzu ga abin da ke gabanki. A wata na 37 ruwa zai kasance ₦45,743, uwar kuɗi ₦25,900. Rabon uwar kuɗin yana ƙaruwa da rabin kashi ɗaya kowane wata, ƙari a kan ƙari, shi ya sa tafiyar take farawa da jan ƙafa ta ƙare da gudu. Bayan shekara 5 za a biyo ki kimanin miliyan 8 da dubu 490. A wata na 103, wato shekara 8 da wata 7, a nan ne karon farko da abin da ke shiga uwar kuɗi zai fi ruwa. Za ki iya gane wurin da kanki ba tare da ƙirga watanni ba: rabin abin da ake cire miki ₦35,822 ne, kuma ruwa zai faɗo ƙasa da haka da zarar ragowa ta sauko ƙasa da miliyan 7 da dubu 164.

Wurin da mutane suka fi yin kuskure shi ne tsakiyar wa'adi. Ana ɗauka in an ci shekara 10 cikin 20 an biya rabi. A'a. A ƙarshen shekara ta 10 ragowarki za ta kasance kimanin miliyan 6 da dubu 453. Rabin bashin ba zai fita ba sai wata na 154, kusan shekara 13. Daga nan kuwa sai ki sha mamaki. A ƙarshen shekara ta 15 saura miliyan 3 da dubu 706, kuma shekara biyar ɗin ƙarshe za su share wannan duka, alhali biyar ɗin farko miliyan ɗaya da rabi kawai suka iya cirewa. Shekarar farko kin biya ruwan kusan ₦593,000. Shekarar ƙarshe gaba ɗayanta ruwan kimanin ₦27,300 ne kawai, a watan ƙarshe ma ₦356 ne. Jimillar ruwan shekara 20, in ba ki ƙara komai ba kuma ba ki yi latti ba, miliyan 7 da dubu 194.

Abu biyu ne suke sa farkon rance ya cika da ruwa: tsawon wa'adi da yawan kashin. Da shekara 10 kika ɗauka, za a riƙa cire ₦111,021, kuma tun watan farko ₦61,021 ne za su shiga uwar kuɗi, sun riga sun fi ruwan. Da shekara 30 ce, cirewar za ta sauko ₦59,955, abin sha'awa a ido, amma ₦9,955 ne kawai za su taɓa bashin a watan farko, ruwan duka kuma ya haura miliyan 11 da rabi, ya fi abin da aka ranta. Lura da cewa ruwan watan farko ₦50,000 ne a duk ukun. Wa'adi ba ya canja hayar watan, abin da yake canjawa shi ne yawan abin da ya saura bayan an biya ta.

Yawan kashin kuwa ya fi muni. Kashi 6 irin na asusun gidaje na ƙasa ne, NHF, wanda ma'aikata ke zuba wa kashi 2.5 na albashi, kuma ba a samun irinsa a kasuwa. A ce maƙwabcinki ya ranci miliyan 10 ɗin a kan kashi 24, shi ma shekara 20. Za a riƙa cire masa kusan ₦201,741. A watan farko ₦200,000 ruwa ne, ₦1,741 ne kawai uwar kuɗi. Shi rabonsa ba zai juya ba sai a shekara ukun ƙarshe. Wanda duk aka miƙa wa takarda mai irin wannan kashin da dogon wa'adi, ya tambayi nawa ne zai shiga uwar kuɗi a shekarar farko kafin ya ɗauki biro.

Duk da haka Alhaji bai yi laifi ba da ya ce a bincika, don akwai wuraren da takardar lissafi take kaucewa da gaske. Ki nemi banki ya ba ki jadawalin biya na duk wata 240, wanda yake da layin ruwa, layin uwar kuɗi da layin ragowa. Haƙƙinki ne. Sai ki ajiye shi gefen takardar lissafin ki riƙa gwadawa. Hanya mafi sauƙi ita ce ki ɗauki ragowar watan jiya ki ninka da 0.005, abin da ya fito shi ne ruwan da ya kamata ki gani a wannan watan. In akwai kwamfuta a ofis, waɗannan layukan a Excel za su ba ki jimillar biya, da ruwan wata na 37, da rabon uwar kuɗinsa:

```
=PMT(0.06/12,240,-10000000)
=IPMT(0.06/12,37,240,-10000000)
=PPMT(0.06/12,37,240,-10000000)
```

Ki canja 37 zuwa lambar watan da kike son dubawa.

Ƙaramin bambanci kada ya tayar miki da hankali. Wasu bankunan da kwanaki suke lissafi, su raba ruwan shekara gida 365 su ninka da kwanakin watan. A kan miliyan 10, wata mai kwana 31 zai ba da ₦50,959, Fabrairu mai 28 kuma ₦46,027. A ƙarshen shekara duk ɗaya ne ko kusan haka. Abin da ya kamata ya sa ki tashi tsaye shi ne ki ga ruwan wata ya fi na watan da ya gabata fiye da abin da bambancin kwanaki zai jawo, ko ragowa ta tsaya cak, ko ma ta hau.

In kin ga haka, fara duba ranar da kuɗin suka isa banki. Ranar da aka cire a albashi daban, ranar da wurin aiki ya tura daban, kuma banki da ta biyun yake aiki. Ma'aikaci zai iya ganin an cire masa a takardar albashi, hankalinsa kwance, alhali kuɗin sun yi makonni a hanya, ruwa yana ta taruwa a kan tsohuwar ragowa, wani lokaci har da tara. A matakin da kike, in wata uku suka wuce ba a tura ba, ruwan da zai taru ya kai ₦137,000. In aka ɗora shi a kan bashin, ya cinye ci gaban fiye da wata biyar, tunda abin da kike ragewa a wata bai wuce ₦26,000 ba, kuma shi kansa zai fara haifar ruwa. Saboda haka ki riƙa adana takardun albashinki, su ne hujjarki ranar da za a yi jayayya kan wa ya yi latti. Abu na biyu, inshorar gobara da ta rai da ake haɗawa da rancen gida. In an ciro kuɗinsu daga asusun rancen maimakon a karɓa daban, za ki ga ragowa ta yi tsalle sau ɗaya a shekara. Na uku, ki karanta takardar yarjejeniya ki ga ko kashin tsayayye ne ko an ba banki damar ɗaga shi. In aka ɗaga kashi ba a ɗaga abin da ake cirewa ba, rabon uwar kuɗi ne yake shan wahala, kuma in ruwan wata ya wuce abin da ake cirewa, bashi ƙaruwa zai riƙa yi duk da ana biya.

Akwai kuma rancen da ba ya bin wannan tsarin kwata-kwata, wanda aka fi gani a ƙananan bankuna da rancen albashi. Shi ana lissafa ruwan ne a kan asalin kuɗin daga farko har ƙarshe, kamar ba a taɓa rage komai ba. Da haka aka yi miki, ₦600,000 za ki riƙa biya duk shekara har 20, ruwa miliyan 12 ke nan maimakon 7 da ɗoriya, duk da cewa a takarda kashi 6 ɗin ne dai. Naki ba haka yake ba, alƙaluman sun nuna a kan ragowa ake lissafa miki. Amma in wata rana za ki karɓi wani rancen, tambayar farko ita ce: a kan ragowa ne ko a kan asali?

Sai maganar adashi. Duk nairar da kika zuba bayan biyan wata kai tsaye take shiga uwar kuɗi, don ruwan watan an riga an biya shi. In kika sa ₦500,000 yanzu, ragowa ta koma miliyan 8 da dubu 649, ruwan watan gaba ya ragu da ₦2,500, kuma wannan ₦2,500 ɗin ya koma rage bashi, haka kowane wata har ƙarshe. In aka bar cirewar a ₦71,643, za ki gama kusan wata 18 kafin lokaci, ki tsira da ruwan kimanin ₦820,000. Da za ki jira sai bayan shekara ta 15 ki zuba wannan dubu ɗari biyar ɗin, abin da za ki tsira da shi bai wuce ₦161,000 ba, don a lokacin shekarun da kuɗin za su yi suna haifar ruwa sun kusa ƙarewa. Ƙari a farkon rance ya fi ƙari a ƙarshensa amfani nesa ba kusa ba.

Amma kada ki tura kuɗin ta waya ki yi shiru. Ki rubuta wasiƙa, ki ce a sa su a uwar kuɗi, ki karɓi kwafi mai hatimi. In ba haka ba za a iya ajiye su a matsayin biyan watanni bakwai masu zuwa, su zauna ba su rage ragowa ba, ruwa yana tafiya kamar da. Ki kuma faɗi abin da kike so a yi da ragin, don zaɓi biyu ne. Ko a rage wa'adi, wanda shi ne lissafin da muka yi a sama, ko a bar wa'adi a rage cirewar wata zuwa kimanin ₦67,700. Na biyun yana sa albashi ya ɗan numfasa, amma ruwan da za ki tsira da shi kusan ₦300,000 ne kawai. Kafin komai ki duba ko yarjejeniyar ta sa caji a kan biya kafin lokaci, da ko akwai mafi ƙarancin abin da suke karɓa. Bayan an sa kuɗin ki nemi sabon jadawali, ki duba da idonki cewa ragowar ta sauka.

Ra'ayinmu kan ko ki zuba ya dogara da sauran abin da ke wuyanki. In akwai wani bashin mai ruwa sama da wannan, irin na manhajojin waya ko rancen albashi, shi za ki fara kashewa, don naira ɗaya a can tana cin ki ninkin abin da take ci a nan. In ba ki da ajiyar da za ta riƙe gida wata biyu ko uku, ki fara ware ta, saboda kuɗin da ya shiga bashin gida ba ya dawowa ranar da rashin lafiya ko kuɗin makaranta suka taso, kuma kin ga abin da latti yake jawowa. A lissafin kuɗi zalla, bashi mai kashi 6 a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 a 2024 ba shi ne abin gaggawa ba: ₦71,643 ɗin da ke da nauyi yau zai yi sauƙi ƙwarai nan da shekara goma in albashi ya motsa. Sai dai mun san da yawa daga masu karatunmu ba don lissafi suke son fita da wuri ba, don nauyin riba ne a zuciya. Hukuncin wannan na malamai ne, ba namu ba. Abin da za mu iya cewa shi ne in niyyarki ke nan, yanzu ne ƙarin ya fi rage ruwan, kuma ko ba dunƙule ba yana aiki. Ƙarin ₦10,000 duk wata daga yanzu zai yanke kusan wata 39 daga wa'adin, ya rage ruwa da fiye da miliyan ɗaya.

Ga masu tunanin bankunan da ba sa harkar ruwa, irin su Jaiz da TAJ, a lura tsarin ya bambanta da irin yarjejeniyar. A murabaha farashi guda ake yankewa tun farko, riba a ciki, saboda haka biya da wuri ba lalle ya rage komai ba sai in banki ya yi rangwame, a tambaya tun kafin sa hannu. A tsarin haɗin gwiwa da mutum yake sayen kason banki a hankali yana biyan hayar kason da bai saya ba, hayar ita ma ta fi yawa a farko, tana raguwa gwargwadon yadda kason banki yake raguwa.

Abu na ƙarshe, in wata rana kika so ki sayar da gidan ko ki rufe bashin gaba ɗaya. Abin da ake binki a irin rancenki shi ne ragowar uwar kuɗi ta ranar, da ruwan kwanakin da suka shige tun biyan ƙarshe, da cajin da yarjejeniya ta ambata in akwai. Ba jimillar watannin da suka rage ba ce. Yau watanni 204 suka rage miki, in aka ninka su da ₦71,643 za a samu miliyan 14 da dubu 615, amma kusan miliyan biyar da rabi a ciki ruwan shekarun da ba su zo ba ne, kuma ba a biyan hayar kuɗin da aka riga aka mayar. Ki nemi adadin rufewa a rubuce, mai ɗauke da rana, ki gwada shi da layin ragowa a jadawalinki kafin ki tura kuɗin.